Hannun da Ya Riƙe Alkaki

Sakinatu ta shekara ashirin da shida tana soya alkaki a Ƙofar Marke, ta kuma shekara goma sha ɗaya tana ɓoye hannunta na dama. Zancen alkakin kowa ya sani a Sakkwato. Zancen hannun kuwa mutum uku ne suka sani: ita, da likitan fata, da mijinta, wanda ya yi mata alherin tafiya da shi kabari.

Albaras ne. Ya fara a wuyan hannu kamar ɗigon nono, sannan ya bazu a hankali, ya hau bayan hannu, ya gangara yatsu, ya doshi gwiwar hannu, fari nan baƙi can. Likita ya gaya mata ba kuturta ba ce, ba ya kama kowa, launin fata ne kawai ya janye daga wurin. Ta yi masa godiya. Amma likita ba ya cikin masu sayen alkaki. Masu saye matan gari ne masu aurar da 'ya'ya, waɗanda za su ɗauki kayan gara su kai gidan surukai a buɗe a gaban dangi, kuma waɗannan ba sa tambayar likita kafin su yanke wa mutum hukunci. Saboda haka ta saba da riga mai dogon hannu, da lalle mai duhu, da safar hannu ta leda a duk lokacin aiki. Mata suka yi ta yabon tsabtarta, suna cewa ita kaɗai ce a unguwar ba ta taɓa ƙulli da hannu tsirara. Ta bar su suna yabo.

Ɗan yayanta, Abdulshakur, yana da shago a unguwar Gidan Igwai, a saman wani kantin magani. Da shi da abokinsa Mu'az suke ɗaukar bidiyon masu sana'a suna sawa a tasharsu ta Yutub: majema, maƙera, masu kilishi, masu ɗinkin hula. Abdulshakur ke riƙe kyamara yana surutu. Mu'az ke zama gaban kwamfuta yana yanka da haɗawa, kuma shi ke yin hoton bango, ɗan ƙaramin hoton nan da mutum ke gani a waya kafin ya taɓa bidiyo. A wurinsu wannan hoton ya fi bidiyon kansa daraja. Mu'az yakan ce ko aljanna ka ɗauka, in ƙofar ba ta ja ido ba, mutane wucewa za su yi.

Sakinatu takan leƙa shagon duk Talata, bayan ta kai dubulan wani kanti da ke kusa. A nan suka gano amfaninta. Idonta ya fara rauni, ta ƙi sa tabarau, karatun bokonta kuma na yaƙi da jahilci ne, baƙi ɗaya bayan ɗaya. Mu'az ya ce ai ita ce ma'auni: abin da Gwaggo ta iya karantawa, duk Sakkwato za ta iya. Sai ya zama al'ada. Yakan yi hoto uku, ya ƙanƙantar da su kamar kwalin ashana, ya tura su cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya tsaya bakin ƙofa inda hasken rana ke kashe fuskar waya, ya miƙa hannu nesa da ita, ya ƙirga biyu, ya kife wayar. Daga nan sai tambaya: me ta gani, me aka rubuta. Hoton da ta kasa faɗa ya faɗi. Wanda ta faɗa daidai ya tsallake. Wanda kuwa ya sa ta ce a buɗe mata ta gani, shi ne ya ci, ba a sake gardama.

Tana jin daɗin wannan aiki fiye da yadda za ta yarda. Matar da ba a tambayar ra'ayinta a kan komai sai yawan sukari, ga samari biyu masu digiri suna jiran abin da zai fito daga bakinta. Ita ta zaɓi hoton wani mahauci da aka kama baki buɗe, haƙori biyu kacal a ciki, ta yi dariya har da hawaye. Ba ta tambayi ko mahaucin yana da 'ya'ya masu waya ba.

Da watan bukukuwa ya matso, Abdulshakur ya ce lokaci ya yi da za a ɗauki nata.

"Gwaggo, ke kaɗai ta rage. Dut wanda munka ɗauka ya samu ciniki. Mai kilishin nan har Legas ake kiransa."

"Ni ban son fuskata cikin waya."

"Wa ke son fuskarki? Hannu da kasko kawai."

"Ka ji mara kunya. To, a sa sunana. Da unguwa. Kada wata ta ce ita ce."

Abin da take hange ke nan, suna da unguwa. Yara mata masu soya da injin murji da kwalaye masu ado sun fara cinye mata kasuwa. A hannunta babban aiki ɗaya ne ya rage a wannan kakar, garar ɗiyar Hajiya Maimunat, matar wani babban mai hatsi, wadda ke aurar da 'yar autarta nan da kwana goma sha biyu. Gidan Hajiya Maimunat gida ne da sauran gidaje ke kwaikwayo. Wadda ta yi masu gara ta yi wa rabin gari. Wadda suka bari kuwa, ta fara neman wata sana'a.

Aka yi ɗaukar ranar Asabar da hantsi, a tsakar gidanta. Ta nuna barzajjiyar alkama da ta kwana da tsami, ta kirɓa ta a turmi da ɗan ruwan kanwa, ta murza, ta naɗe kowane ɗaya ya fito kamar ɗan'uwansa. Komai ya tafi daidai sai wajen suya. Mai ya yi tsalle ya sauka a kan safar ledar, ledar ta narke ta kama fata. Ta fizge ta, ta ja hannun riga sama ta tsoma hannun cikin bokitin ruwa. A daidai lokacin alkaki ɗaya ya gangaro daga matsami zai faɗi ƙasa, ta cafe shi da hannun nan, jiƙe, tsirara, lallen makon jiya ya koɗe. Matar da ta shekara ashirin da shida tana suya ba ta barin alkaki ya taɓa ƙasa. Ta ajiye shi gefe, ta sauke hannun riga, ta sa sabuwar safa. Duka bai kai ƙiftawa uku ba. Ta dubi Abdulshakur, ta ga idonsa na kan kasko. Ta manta kyamara ba ta duba inda mai ita ke duba.

Ranar Talata ta hau benen shagon da ƙwaryar dubulan ta kyauta a hannu.

"Ga alƙaliya ta iso," in ji Mu'az. "Yau shari'arki za ki yanke, Gwaggo."

Abdulshakur bai yi dariya ba. Yana goge gilashin kyamara wanda ba shi da datti.

Mu'az ya tsaya bakin ƙofa, ya miƙa wayar, ya ƙirga biyu, ya kife.

"Mi kig gani?"

"Ƙasa-ƙasa. Kamar an zubar da dusa."

"Rubutun fa?"

"Tururuwa."

Wannan shi ne hoton da Abdulshakur ya fi so: tsakar gidan gaba ɗaya, faranti goma sha biyu jere da alkaki da dubulan da nakiya, da rubutu mai kalma takwas a ƙasa. A fuskar kwamfuta abin sha'awa ne. Da aka ƙanƙantar da shi sai komai ya zama launi ɗaya, kalmar ƙarshe ma ta shige ƙarƙashin ɗan baƙin akwatin da ke nuna tsawon bidiyo a kusurwar dama.

"Na gaya maka," in ji Mu'az. "Kai hoton bikin makaranta kake yi. Na biyu."

Ya miƙa, ya ƙirga, ya kife.

"Alkaki ɗaya, zuma na ɗiga. An rubuta alkakin asali."

"Madalla. Za ki taɓa?"

"In taɓa in ga mi? Na ga alkaki. Na san alkaki."

"Ka ji ko? Ya karantu, amma bai bar mata yunwa ba. Ya ba ta amsa tun ba ta tambaya ba. Na uku."

Ya miƙa. Wannan karon ba ta jira ya gama ƙirga ba. Bayan hoton baƙi ne wuluk, alkakin ja-ja kamar zinariya a tsakiya, manyan baƙaƙe rawaya a hagu. Ta karanta su da ƙarfi, da alfaharin mai karatun da ya zo da sauƙi:

"Za ka ci?"

Sai ta matso da kai. Akwai wani abu da ya riƙe alkakin, abu mai roɗi-roɗi, fari tas da baƙi, ya fito fili fiye da alkakin kansa.

"Wanga kuma mi na na ya riƙe shi? Dabba ce? Kai Mu'azu, kada ka kife, buɗe min in gani."

Mu'az ya tafa hannu a cinya. "Shi ke nan! Ya ci!"

Ya juya fuskar kwamfutar gare ta, ya buɗe hoton ya cika ta. Hannu ne. Ɗigon ruwa na sheƙi a kansa. Mu'az ya ƙara wa farin haske, ya ƙara wa baƙin duhu, don bambancin ya tsira idan an ƙanƙantar. Ga zoben azurfarta a ɗan yatsa.

Ƙarar Keke Napep da masu kiran fasinja tana hawowa daga titi. Sakinatu ta ji hannunta na dama ya shige ƙarƙashin mayafi da kansa.

"Abdu," ta ce.

"Gwaggo, ni ban ce a sa ba. Gwaji ne kawai."

"Ka gani tun ran Asabar?"

"Sai da muna yanka."

"Kuma ka bari ya tsaya bakin ƙofa ya nuna min kamar na mahauci."

Mu'az, wanda ba jininta ba ne, bai ga abin jin nauyi ba. "Gwaggo, don Allah ki saurara. Ba mu rubuta ƙarya ba. Tambaya ce kawai. Ke kanki da kika san alkaki kamar tafin hannunki, sai da kika ce a buɗe. To ina ga wanda bai sani ba? In sun shiga za su ga tsabtarki, su ga safa, su ji sunanki. Hoton nan ƙofa ce kawai."

"Ƙofar gidan uwarka."

"Allah ya ba ki haƙuri."

Ta juya ga ɗan yayanta. Ita ta yi wa uwarsa wankan jegonsa, ita ta soya kayan garar matarsa ba ta karɓi ko sisi ba, amma ba ta ambaci ko ɗaya ba. Ta ce, "Da hannun nan nike ci. In mata sunka gan shi, na gama. Ka rantse min ba za ka sa shi ba."

"Wallahi, Gwaggo, na biyu za mu sa. Mu'az, na biyu."

Mu'az ya ɗaga kafaɗa. Ta sauka benen tana riƙe da bango. Ƙwaryar dubulan ta bar masu, kuma sun cinye.

Abdulshakur ya cika rantsuwarsa daidai yadda ya furta ta. Ranar Laraba bidiyon ya fita da hoto na biyu, alkaki da zuma, a ƙarƙashinsa an rubuta sunan Sakinatu da Ƙofar Marke kamar yadda ta nema. Ya kwana biyu a haka. Alƙaluman tashar suka nuna cewa cikin kowane mutum ɗari da hoton ya gifta ta gabansu, biyu ne suka taɓa. Bidiyon da ba a taɓawa, manhajar takan rage nuna shi, ta ba wani wuri. Ranar Juma'a bayan masallaci layin da ke nuna masu kallo ya kwanta kamar mataccen maciji. Mu'az ya tuna wa abokinsa cewa hoton bango ba aure ba ne, ana iya canza shi a kowane lokaci, kuma rantsuwar a kan abin da za a sa ce, ba a kan abin da za a bari ba. Mutumin da ke neman fatawa mai sauƙi ba ya rasa malami. Abdulshakur ya ce a gwada hoton hannun na yini ɗaya.

Sakinatu ba ta san da wannan ba. Wayarta ta kira ce kawai. Tana tsakar gida da turmi da kasko daga safiya zuwa la'asar, kwana huɗu a jere, tana cika manyan robobi da alkakin Hajiya Maimunat, tana jera su a ɗaki ta rufe da farin ƙyalle. Ta lura maƙwabciyarta Safiya, wadda ta saba shigowa aron rariya ta zauna har azahar, ta daina shigowa. Ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Talata, saura kwana biyu ɗaurin aure, mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Maimunat da kanta ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba. Sakinatu ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa a kofin gilashi na baƙi. Aka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da gajiya da hidimar biki. Kofin na nan inda aka ajiye shi.

"Hajiya, ga ruwa."

"Alhamdu lillahi, yanzu na sha."

Sai ta buɗe jaka ta ciro waya, ta miƙo ta daga nesa, da 'yan yatsu biyu. Ba bidiyon ba ne. Hoton fuskar waya ne wani ya ɗauka ya tura: hannun, da tambayar, da sunan Sakinatu a ƙasa.

"Yayar ango ta turo min. Ta ce in ce dai ba wagga ce ke yi muna gara ba."

"Hajiya, ba kuturta ba ce. Albaras ne. Likita ya ce ba ya kama kowa. Ina da takarda."

"Ni na sani, Sakinatu. Ni mai ilimi ce. Amma takardar zan liƙa a kan kowane faranti? In tara dangin miji in yi masu lacca?"

"Da safa nike aiki. Ki kalli bidiyon, za ki gani."

"Ban kalla ba. Mi zan kalla?" Ta mayar da wayar jaka. "Abin da ya ɓata min rai ba ciwon ba ne, ciwo na Allah ne. Shekara nawa kina shiga gidana? Garar Bilkisu ke, ta Sumayya ke. Jikokina sun ci. Ba ki taɓa cewa Hajiya ga halin da nike ciki ba."

"Da na faɗa, za ki ba ni aikin?"

Hajiya Maimunat ta gyara mayafi.

"Kayan da na aiko, alkama da mai da zuma, na bar maki. Ban son komai. Na ba wata yarinya a Gidan Igwai, za ta kwana biyu tana yi. Allah ya ba ki lafiya."

"Lafiyata lau, Hajiya."

"To Allah ya ƙara."

A bakin zaure ta tsaya ta fito da ɗan kwalban man wanke hannu, ta murza a tafinta, ko da yake ba ta taɓa komai ba a gidan.

Sakinatu ta tari Keke zuwa Gidan Igwai. Ta tarar da su biyun sun sa kai a fuskar kwamfuta, ga kwanon tsire a tsakaninsu. Abdulshakur ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi.

"Gwaggo, zan zo in yi maki bayani, wallahi yau nike cewa zan zo."

"Cire shi."

"Ki tsaya ki ga abin da ya faru tukuna. Ba mu taɓa samun irin wanga ba." Ya nuna mata wani layi da ya miƙe sama. Tsoro da murna suna kokawa a fuskarsa, murna na sama. "Da na biyu mutum biyu ke taɓawa cikin ɗari. Yanzu goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya, Gwaggo! Mutum dubu arba'in da huɗu sun ga alkakinki."

Ta dubi layin. Ba ta san lissafin boko ba, amma ta san in an ɗebi goma sha ɗaya a kwano mai ɗari, akwai saura.

"Sauran fa?"

"Wane saura?"

"Ka ce goma sha ɗaya sun taɓa. Tamanin da tara ɗin, mi sunka gani?"

Mu'az ne ya amsa, don shi mutum ne mai son a faɗi abu daidai.

"Hoton kawai. Da sunan. Sai su wuce."

"Su nawa ke nan?"

"An nuna shi kamar sau dubu ɗari huɗu."

"Ba su ga safa ba. Ba su ga turmi ba."

"A'a."

"Waɗanda sunka shiga fa? Sun ga yadda nike naɗi?"

Mu'az ya taɓa wani wuri, wani layi ya fito, wanda ya faɗo ƙasa tun daga farko sannan ya yi ɗan tudu can wajen ƙarshe. "Gaskiya yawancinsu ba su daɗe ba. Tsallakewa suke yi suna neman wurin hannun. Ga shi nan, minti na tara. Nan an maimaita kallo sosai."

Ta daɗe tana kallon ɗan tudun.

"Cire shi," ta sake cewa.

Abdulshakur ya zauna, ya taɓa nan ya taɓa can, hannun ya ɓace, alkaki da zuma suka dawo. Bai ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha ruwa ba. Sauƙin abin ya fi komai yi mata ciwo.

"Shi ke nan, ya fita?"

"Daga tasharmu ya fita," in ji Mu'az. "Wanda mutane sunka ɗauka suna turawa juna kuwa, ba mu da iko da shi." Ya gyara zama kamar mai kawo maslaha. "Amma Gwaggo, akwai hanya. Mu yi na biyu. Ki zauna ki faɗi gaskiyar ciwon, mu kawo likita ya yi bayani. Mutane na son irin wanga. Sai dai wannan karon da fuska, ki ɗaga hannun kusa da kunci, ki dubi kyamara. Ko rubutu ba sai mun sa ba."

Ta dubi Abdulshakur ta ga yana jiran amsarta. Ba kunya ce a idonsa ba. Yana auna hoton ne.

Ta sauka benen ba ta yi masu sallama ba.

Robobi bakwai ne a ɗaki. Alkaki yana daɗewa, amma ba har abada ba. Washegari ta zuba a faranti-faranti ta kai gidajen maƙwabta da kanta, ta ce sadaka ce. Aka karɓa da godiya, da addu'a mai tsawo. Kafin la'asar faranti uku sun dawo yadda suka tafi, da saƙon cewa masu gidan na fama da ciwon sukari. Na Safiya ya dawo wanke tas, har da ƙanshin ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma da yamma Sakinatu ta ga kaji suna caccakar wani abu ja-ja a bayan katangar Safiya. Mai kantin da take kai wa dubulan ya kira ya ce kasuwa ta yi sanyi, ta dakata sai ya neme ta.

Ranar Alhamis, ranar ɗaurin auren, tana zaune a tsakar gida tana jin motocin 'yan biki na wucewa can kan titi, aka yi sallama a zaure. Sule ne, mai kiwon raguna a bayan layinsu, ya zo da baro da buhu biyu. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta da ladabi.

"Inna, an ce kina da kayan da za su lalace. Na ce maimakon a zubar, in riƙa haɗa masu kaɗan-kaɗan cikin dusa. Akwai alkama, akwai mai, zai sa su ƙiba."

Ta nuna masa ɗakin da haɓa. Ya shiga ya jawo roba ta farko, ya ɗaga farin ƙyallen. Alkakin na jere, kowane ɗaya kamar ɗan'uwansa, zuma ta kama jikinsu. Sule ya haɗiye yawu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Inna, don Allah kada ki ji haushi. Ragunan na layya ne, mutane za su ci. Abin nan ba ya kama dabba ko?"

"Ba ya kamawa."

"To madalla."

Ta miƙe ta kama bakin buhun don ta riƙe masa ya juye. Ya ja buhun baya a hankali.

"A'a, Inna, ki huta. Bari in yi da kaina."